Satar tashar Linus Tech Tips: abin da rajistar shiga ta ɓoye, saiti ya tona

Ranar Alhamis 23 ga Maris 2023, masu bin tashar Linus Tech Tips a YouTube, su fiye da miliyan 15, suka wayi gari suka tarar sunan tashar ya koma Tesla. Bidiyoyin da aka shafe shekaru ana ɗorawa sun ɓace daga idon masu kallo. A madadinsu ana watsa wani tsohon bidiyon Elon Musk kamar yanzu yake magana kai tsaye, ga kuma adireshin wani shafi da ke wa mutane alkawarin ninka musu kuɗin kirifto idan sun tura. Wasu tashoshi biyu na kamfanin da ke da tashar, Techquickie da TechLinked, su ma abin bai bar su ba. Daga bisani YouTube ta rufe tashoshin saboda damfarar da ake yi da su, bayan wasu awanni kuma suka dawo hannun masu su.

Mai tashar, Linus Sebastian, ɗan Kanada ne da sana'arsa ke nan, bayanin kwamfuta da kayanta. Asusunsa na da kalmar sirri mai ƙarfi, yana da tabbacin mataki biyu. Da ya fito ya yi bayani bayan ƙura ta lafa, ya ce an tashe shi ne bayan ƙarfe uku na dare. Ya ɓoye shirin da ake watsawa, ya sauya mabuɗin watsa shiri, ya sabunta bayanan shiga asusun. Bai jima ba shirin ya dawo. Ya sake rufewa, aka sake buɗewa. Haka suka yi ta kai ruwa rana da mutumin da bai san ta inda ya shigo ba.

Inda ya kamata mai ƙaramar tasha ya tsaya ya duba da kyau ke nan. Da sunan tasha ya koma Tesla ba a buƙatar bincike kafin a san an yi kutse. Tambayar da ta cinye wa Linus lokaci ita ce ta wace ƙofa aka shiga, kuma me ya sa wuraren da aka saba dubawa ba su nuna ba. Mai tashar da ya ga wani ɗan canji da bai gane ba, tun kafin a yi masa ɓarna a fili, tambayar da ke gabansa ke nan.

Yadda aka shiga

Wani ma'aikacin kamfanin ne ya karɓi imel mai kama da tayin talla, irin wanda manyan tashoshi ke samu kullum. Ya sauke fayil ɗin da aka ce sharuɗɗan yarjejeniya ne a PDF, ya danna, bai buɗe ba, ya ci gaba da aikinsa. A bayan fage wata muguwar manhaja ta kwashe bayanan da burauzarsa ta adana, har da kukis ɗin da ke shaida cewa ya riga ya shiga asusunsa.

Idan ka shiga Google da kalmar sirri da lambar tabbaci, ba a sake tambayarka duk lokacin da ka buɗe shafi, domin an ba burauzarka wata 'yar shaida ta ajiye. Kamar katin shiga wurin biki ne: mai gadi ya tantance ka sau ɗaya ya miƙa maka kati, daga nan katin yake dubawa, fuskarka ba ta dame shi ba. Wanda ya kwafi wannan shaida ya sa a tasa burauzar ya shigo a matsayinka. Bai rubuta kalmar sirri ba, ba a aiko da lamba zuwa wayarka ba, kuma a mafi yawan lokuta ba a rubuta sabuwar shiga ba, tunda a lissafin na'ura tsohon zamanka ne ake ci gaba da shi.

Dabarar ba sabuwa ba ce ko a 2023. Tun watan Oktoban 2021 sashen Google mai bin diddigin barazana ya wallafa bayanin wasu gungu da ke aika wa masu tashoshin YouTube tayin talla na bogi don satar kukis. Ya ce daga watan Mayun shekarar ya tare saƙonni miliyan 1.6, ya dawo da asusu kusan 4,000, kuma ana sayar da tashar da aka sace daga dala 3 har zuwa dala 4,000 gwargwadon yawan mabiyanta. Wanda ake sayar da tasharsa dala 3 ba shahararre ba ne. Masu cewa wa zai kula da 'yar tashata su lura da wannan.

Rajistar shiga: me take gani, me ba ta gani

Tashar YouTube a jikin asusun Google take, don haka rajistar shigarta a can take. Kada a bi ta wani mahaɗi da ya zo a imel yana cewa an yi maka kutse, domin shi kansa tarko ne da aka saba ɗanawa. A rubuta adireshin da hannu:

```
myaccount.google.com/notifications
myaccount.google.com/device-activity
myaccount.google.com/connections
```

Na farko shi ne Recent security activity. Yana jera abubuwan tsaro na kwana 28 da suka wuce: sabuwar shiga, canjin kalmar sirri, ƙara ko cire lambar waya ta dawo da asusu, taɓa tabbacin mataki biyu. Na biyu yana nuna na'urorin da ke cikin asusun ko suka shiga a tsawon wannan lokaci. Na uku jerin manhajojin waje ne da aka ba izini. Akwai na huɗu da mutane da yawa ba su san da shi ba: a buɗe Gmail a kwamfuta, a gangara ƙasa ta dama, a danna Details a ƙarƙashin Last account activity. Zai kawo shigowa goma na ƙarshe, kowace da lambar IP da ƙasa da lokaci.

Idan a nan aka ga kwamfutar Windows alhali duk gidan waya ake amfani da ita, ko aka ga an ƙara lambar wayar da ba wanda ya san ta, magana ta ƙare, an shiga. Matsalar tana wajen rajista mai tsabta. Tsabtarta na nufin abu ɗaya kawai, ba wanda ya shigo wannan asusun ta hanyar rubuta kalmar sirri a sabuwar na'ura. Ba ta ce komai ba game da kukis da aka kwafa. Ba ta ce komai ba game da asusun sauran mutanen da ke da iko a tashar, domin kowannensu rajistarsa daban, kuma mai tasha ba ya ganinta daga wurinsa. Abin da ya sami Linus ke nan. Yana ta sauya mabuɗan asusun da yake zargi, ɓarawon yana zaune daram a zaman wani ma'aikaci da ke da ikon taɓa tashoshin.

Haka kuma akwai abin da ke firgita mutum a banza. Wanda ke zaune a Kano ko Gusau yana amfani da datar waya zai iya ganin an rubuta Lagos ko Abuja a gaban na'urarsa, saboda wurin ana ƙiyasta shi ne daga lambar IP ta kamfanin sadarwa, ita kuma ba lallai ta dace da garin da kake ba. Wanda ya kunna VPN ya manta zai ga kansa a Holand ko Jamus. Waya ɗaya kan iya fitowa sau biyu ko uku idan an shiga ta manhaja da burauza daban-daban. Ni sunan gari ba ya tayar mini da hankali. Nau'in na'ura da lokacin da ta yi aiki nake dubawa. Sannan ɓarawon da ya ƙware yakan bi ta hanyar da za ta nuna kamar daga ƙasarka yake, don haka ganin Nigeria a rubuce ba ya wanke kowa.

Saiti ba ya sauya kansa

Mai kutse zai iya shigowa ba sawu, amma ba zai ci moriyar tashar ba sai ya taɓa wani abu. Nan ne shaidar take. Wahalar ita ce YouTube Studio ba ta ba mai tasha kundi guda da zai karanta wane ne ya canza mene ne, ƙarfe nawa. Dole mutum ya zagaya da kansa, ya gwada abin da ya tarar da abin da ya bari.

A fara da ikon mutane. A Studio a shiga Settings, sannan Permissions, a karanta kowane adireshin imel harafi bayan harafi, domin akan ƙirƙiri adireshi mai kama da na editanka a sauya harafi ɗaya. A duba matsayin kowa. Mai matsayin Editor yana ɗora bidiyo yana gyarawa, amma mai matsayin Manager yana iya gayyato wasu ya kuma cire wasu. Editan da ya tashi daga Editor ya koma Manager ba da saninka ba, ko gayyatar da ke jiran amsa wadda ba kai ka aika ba, shaida ce mai ƙarfi ko da rajistar shiga fes take. Idan tashar tana kan Brand Account ne, jerin masu ita na nan:

```
myaccount.google.com/brandaccounts
```

A wannan wurin kwanaki na da muhimmanci. Wanda aka ƙara a matsayin Owner sai ya cika kwana 7 kafin ya iya zama Primary owner, wato babban mai tasha da zai iya korar kowa. Saboda haka ɓarawo mai haƙuri yakan cusa asusunsa ya yi lamo, ba ya canza suna ba ya goge komai, yana jiran mako ya cika. Tashar da ke cikin wannan hali a waje lafiya lau take.

Sai fuskar tashar da abin da ke cikinta. A Customization a duba suna da laƙabin da ke farawa da @ da hotuna da mahaɗan da ke ƙarƙashin bayanin tasha. YouTube na barin a canza suna sau biyu cikin kwana 14, laƙabi ma haka, kuma tashar da ke da alamar tantancewa tana rasa ta idan an canza suna. A Content a tace bidiyoyi da Visibility: idan bidiyoyi da yawa sun koma Private ko Unlisted a lokaci guda, hannu ne ya yi. Bidiyon da YouTube ta sauke saboda haƙƙin mallaka ko karya doka yana zuwa da dalili a rubuce a gefensa, da imel. A leƙa shafin Live a ga ko an tsara wani shiri na kai tsaye da ba naka ba. Sai Upload defaults a cikin Settings, inda ake rubuta bayanin da ke fitowa da kansa a ƙarƙashin kowane sabon bidiyo. Mahaɗin damfara da aka cusa a nan, kai da kanka za ka riƙa wallafa shi. A ɓangaren Earn a tabbatar asusun AdSense da ke karɓar kuɗin shi ne naka.

Wurin da na fi ba muhimmanci yana cikin Gmail, a Settings, ƙarƙashin Filters and Blocked Addresses da kuma Forwarding and POP/IMAP. Google da YouTube suna aiko da sanarwa idan an taɓa abubuwan tsaro. Mai kutsen da ya san aikinsa yakan fara da kafa matata da ke jefa duk saƙon da ya fito daga gare su cikin shara, ko ta tura masa kwafi. Ba mai tashar da zai kafa wa kansa irin wannan bisa kuskure. A buɗe Trash a ga ko akwai sanarwar tsaro da ba ka taɓa gani ba.

A jera su bisa lokaci

Canji ɗaya tilo yakan sami uzuri. Abin da ke yanke hukunci shi ne jerawa. Mu ƙaddara wata tashar koyar da girki mai mabiya 40,000. Mai ita tana da edita guda da ke aiki daga wani gari, sai ƙanenta da ke amsa saƙonnin masu talla a kwamfutar gida da aka shiga da asusunta. Ranar Laraba wata mai kallo ta sanar da ita cewa akwai wani baƙon mahaɗi a ƙarƙashin sabon bidiyonta.

Ta buɗe Recent security activity, ba komai. Na'urori uku ne, duk ta san su. Da a nan ta tsaya da ta ce ai edita ne ya yi kuskure. Ta duba Upload defaults, mahaɗin na nan. Bidiyon da aka ɗora ranar Lahadi ba shi da shi, na Talata yana da shi, ke nan tsakanin Lahadi da Talata aka sa. Wannan kaɗai bai isa ba, edita zai iya yi. Ta kira shi a waya, ba ta imel ba, tunda imel ɗin ma abin zargi ne yanzu. Ya ce bai taɓa wurin ba.

A Permissions ta ga adireshi na uku da matsayin Manager. A Gmail ta tarar da matata mai goge saƙonnin YouTube. Wannan ya fitar da edita daga zargi, domin ikonsa a Studio ya tsaya, ba ya kai wa cikin imel ɗinta. Wanda ya yi wannan da asusunta ya yi. Ta danna Details: a cikin shigowa goma akwai guda ta burauza, ƙarfe 2:40 na daren Litinin wayewar garin Talata, da lambar IP da ba ta yi kama da sauran ba, lokacin kwamfutar gida tana kashe. Da bai buɗe Gmail don kafa matatar ba da ko wannan layin ba za a gani ba, kuma da ta yi jinkiri da sababbin shigowa sun ture shi daga jerin.

Saura tambaya ɗaya, ta kira ƙanen.

"Auta, ranar Litinin ka buɗe wani fayil na masu talla?"

"E, Yaya, wani kamfani ne ya turo yarjejeniya, amma ai bai ma buɗu ba."

A jakar Downloads suka ga fayil ɗin, ƙarfe 9:15 na daren Litinin. Windows ta saba ɓoye ƙarshen sunan fayil, da suka kunna File name extensions sai cikakken sunan ya fito:

```
Contract_Terms.pdf.scr
```

Ƙarshen `.scr` ko `.exe` manhaja ce mai aiki, takarda ba ta zuwa da shi. Yanzu zaren ya haɗu: fayil ƙarfe 9:15, baƙuwar IP ƙarfe 2:40, matata, sabon manaja, mahaɗi. Rajistar tsaro ba ta nuna komai ba saboda ba a yi sabuwar shiga ba.

A juya labarin. Da ta tarar sunan tashar kaɗai ya canza, Permissions yadda ta bari, ba matata, ba baƙuwar IP, edita kuma ya ce shi ne yake gwada wani suna ya manta bai faɗa mata ba, to ba kutse ba ne, rashin magana ne tsakanin abokan aiki. Raguwar mabiya ko faɗuwar masu kallo su kaɗai ma ba shaida ba ne, YouTube kan share asusun bogi lokaci-lokaci. Ma'aunin da nake bi shi ne: canjin da ya shafi iko, ko kuɗi, ko hanyar dawo da asusu, ko ɓoye sanarwa, idan ba wanda ya amsa cewa shi ya yi, a ɗauke shi kutse nan take. Canjin da ya tsaya a suna ko hoto ko taken bidiyo, a fara tambaya.

Abin da bincike ya nuna shi ke tsara gyara

Kafin a taɓa komai a ɗauki hoton kowane shafi, domin jerin Gmail goma ne kawai, na tsaro kuma kwana 28. A rubuta lambar tashar mai farawa da UC daga `youtube.com/account_advanced`, ita ba ta canzawa ko an canza suna da laƙabi, kuma da ita za a gane tashar idan an kai ƙara.

Idan shaida ta nuna satar kukis ce, kwamfutar da aka buɗe fayil ɗin a cire ta daga intanet. Wanda ya canza kalmar sirri a kanta ya miƙa wa manhajar sabuwar kalmar da sabon kuki. Daga wata na'ura mai tsabta za a canza kalmar, a fitar da duk zaman da ke jerin na'urori, a cire baƙon manaja, a goge matata, a danna Reset a kan mabuɗin watsa shiri. A bi jerin manhajojin waje ɗaya bayan ɗaya, domin wasu izinin da aka ba su ba ya faɗuwa da canjin kalmar sirri. Kwamfutar kuwa gara a goge ta gaba ɗaya a sake ɗora mata Windows, kuma duk kalmar sirrin da aka adana a burauzarta, har ta banki, a ɗauka ta fita.

Idan ba a gano ko asusun wa aka bi ba, a cire kowa daga Permissions a lokaci guda, a dawo da su ɗaya-ɗaya bayan kowa ya buɗe tasa rajistar ya duba na'urarsa. Mutane kan ji nauyin yin haka kada edita ya ga kamar ana zarginsa. A gaya masa dalili a cire shi. Linus da ya yi bayani bai ɗora wa ma'aikacin laifi ba, ya ce gazawar horarwa ce da tsarin kamfanin, ya kuma soki yadda ake iya canza sunan babbar tasha ko a taɓa bidiyoyi masu ɗimbin yawa ba tare da an sake neman mutum ya tabbatar da kansa ba.

Wanda aka riga aka kora daga asusunsa gaba ɗaya ya nufi `g.co/recover` daga wayar da ya saba shiga da ita, kuma kada ya ɓata lokaci: idan an canza lambar waya ko imel na dawo da asusu, Google kan ci gaba da ba da damar aika lambar tabbaci zuwa tsohon har kwana 7. Daga nan ya tuntuɓi YouTube ta shafinta na taimako ko ta @TeamYouTube a X, da lambar tashar da hotunan da ya ɗauka da lokacin da ya ga canjin farko.